Yadda na rufe littafin bashi kafin in tashi daga Gwammaja

Shekara goma sha huɗu na yi ina buɗe shagon tireda a wani lungu na Gwammaja, ba nisa da gidan Mambayya. Na shiga a 2010 da buhun sukari ɗaya, katan biyu na madara da 'yan kwalaben alawa, na fita ranar Lahadi 28 ga Yuli, 2024. Mai gidan da shagon yake jikinsa ne ya rasu, Allah ya jiƙansa, magada suka zauna suka ga gidan ba zai rabu ba sai an sayar. Bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki babban ɗansa ya same ni da hantsi, muka gaisa, ya daɗe yana kame-kame kafin ya ce sun ba ni zuwa ƙarshen Yuli. Ban ga laifinsu ba. Dama ina da ɗan gini a Ɗanbare, can wajen sabuwar jami'ar Bayero, wanda na fitar wa shago a jiki ban ƙarasa ba. Wurin komawa bai zame mini matsala ba.

Daren nan da na zauna lissafi, tunanina duk yana kan kaya: mota nawa za ta kwashe, wa zai cire kanta, yaya za a yi da firiza. Ashe wannan aikin yini ɗaya ne. Abin da ya cinye wata uku da rabi shi ne littattafai biyu masu bangon kwali da ke ƙarƙashin aljihun tebur, ɗaya na bashi, ɗaya na ajiya. Duk bankwanan da na yi da mutanen unguwa, ta cikinsu ya bi.

Kuskurena na farko na yi shi tun a kwana na biyu. Na gaya wa wani abokin hira a bencin ƙofar shago cewa zan tashi, na ce ya bar shi a cikinsa tukuna. Kafin Magariba yara sun kai labari cikin gidaje, kuma labarin da ya shiga ba shi ne wanda ya fita daga bakina ba. Abin da mata suka ji shi ne mai shago ya karye. Washegari mai ƙosai ta aiko jikarta a ba ta ajiyarta duka. Kwana uku bayan nan Alhajin da nake sarin kaya a wurinsa a kasuwar Singa ya kira ni, abin da bai saba ba, yana tambayar lafiya, daga ƙarshe ya ce, "Ya maganar ɗan sauran nan?" Naira 380,000 yake bi na a lokacin, kuma shekara tara muna haka, in ɗauki kaya in biya na baya. Shi ma labarin ya je masa ta bakin direban da ke kawo mini kaya.

Da zan sake, wanda yake bi na shi zan fara zuwa wa, da ƙafata, kafin kowa ya ji. Haka ɗin na yi daga baya, amma a makare. Na je Singa da naira 150,000, na nuna masa hoton sabon shagon a waya, muka rubuta cewa sauran 230,000 zan biya kashi biyu, ƙarshen Mayu da ƙarshen Yuni. Ya karɓa, ya yi mini addu'a, amma har na tashi bai ƙara ba ni kaya bashi ba. Ban zarge shi ba. Wanda ya ji ana cewa abokin cinikinsa zai bar unguwa, dole ya riƙe hannunsa.

Daga nan na koma kan littafin ajiya, domin kuɗin mutane ya fi nawa gaggawa. Wanda bai taɓa riƙe shago a cikin unguwa ba bai san yawan amanar da ke taruwa a wurin mai tireda ba. 'Yan garuwa biyu suna kawo mini abin da suka samu kullum da yamma. Akwai mai wankin hula, akwai mai ƙosai, akwai almajirai shida masu aikatau a gidaje. Da na tara, naira 147,000 ce a hannuna ta mutum goma. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: kuɗin ba sa cikin akwati. Suna cikin buhunan shinkafa da katan-katan na taliya, domin na saba juya su, ganin ba a taɓa zuwa karɓa gaba ɗaya rana guda ba. Sai da na dakatar da sari na mako guda na tara cinikin yau da kullum kafin na iya kiran kowa ɗaya bayan ɗaya. Kowa na buɗe masa shafinsa, muka karanta tare, ya ƙirga kuɗinsa a gaban yaron shagona, sannan na ja layi.

Mutum ɗaya ne ban samu ba, wani almajiri mai naira 6,400 da ya tafi garinsu aikin gona tun kafin ruwa ya sauka. Na ɗauki mai wankin hula da ladanin masallacinmu muka je makarantar allon, na damƙa wa malaminsa kuɗin a gabansu, na rubuta a takarda na bar masa kwafi. Ban da kuɗi akwai makullan gidaje uku da wata leda mai takardun fili da wani maƙwabci ya ba ni tun 2019 ya ce in ɓoye masa. Shi har ya manta a wurina take. Da na miƙa masa sai ya yi salati, ya ce wata biyu ya yi yana nemanta a ɗakin matarsa.

Littafin bashi shi ne babban aiki. Na zauna dare biyu ina kwafe shi a sabuwar takarda, suna da adadi da ranar biyan ƙarshe. Sunaye 63 ne, jimilla naira 412,300. Da na kalli jerin sai na ga ba bashi iri ɗaya ba ne, kuma wanda ya bi su da hanya ɗaya zai yi asarar kuɗin ya haɗa da ta mutanen.

Akwai 'yan albashi goma sha ɗaya, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na ƙaramar hukuma, waɗanda suke ɗiban kaya duk wata su biya idan an yi albashi. Su kaɗai naira 236,000 ce a kansu, fiye da rabin littafin. Akwai gidaje 38 na bashin yau da gobe, wanda yaro zai zo da kwano ya ce, "Wai in ji Umma a ba ta ƙullin mai da magi na ɗari, a rubuta." Wannan ya kama 97,800. Sai sunaye goma sha huɗu na tsohon bashi, 78,500, wanda yawancinsa ya samo asali daga lokuta biyu da duk mai shago a Kano ba zai manta ba: kullen korona na 2020, da wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, lokacin da aka canza fasalin naira 200 da 500 da 1,000, mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na sayen burodi. A waɗannan watanni na rubuta wa mutanen da ban taɓa rubuta wa ba.

Shawarar da abokaina 'yan kasuwa suka ba ni ita ce in rufe bashi nan take, in manna takarda a ƙofa. Ban bi ba, kuma ina ganin da na bi da na yi asara mai yawa. Ɗan albashi da ya saba cin abincin wata a shagonka, ranar da ka ce ba ka ba shi, ba yunwa zai zauna da ita ba. Wani shagon zai koma ya buɗe sabon shafi, kuma idan albashi ya zo, wanda zai ba shi kayan gobe shi zai fara biya, ba kai da kake shirin tafiya ba. Don haka na yi musu tsarin biya biyu ka ɗauki ɗaya: duk abin da mutum ya biya, zan ba shi sabon kaya na rabinsa.

Misalin wani malamin firamare shi ya fi fitar da abin. Naira 38,000 nake bin sa. Na kira shi gefe bayan Isha'i, na ce, "Malam, ka ji zan tashi. Ba na so mu rabu da nauyi a tsakaninmu, kuma ba na so gidanka ya rasa cefane." Ƙarshen Afrilu ya kawo 20,000, ya ɗauki kayan 10,000, saura 28,000. Ƙarshen Mayu ya sake kawo 20,000 ya ɗauki na 10,000, saura 18,000. Ƙarshen Yuni ya kawo 18,000 ɗin, na ja layi a gabansa. Albashi uku ke nan, kuma ba watan da ya koma gida hannu rabbana. Da wata guda kawai magada suka ba ni, wannan tsarin ba zai yiwu ba. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni yanzu nake ce masa, idan za a ba ka wa'adin tashi, kada ka ƙirga shi da kwanaki, ka ƙirga ƙarshen wata nawa ne a cikinsa. Ni ma na yi sakaci a nan, domin da na roƙi a ƙara mini mako ɗaya da na kama albashin Yuli.

A cikin goma sha ɗayan nan, goma sun biya tas. Ɗaya ya rage da 22,000. Tun a watan Mayu na gane ba zai cika ba, kuma ba daga bakinsa na ji ba. Alamar mai niyyar biya ita ce yana ci gaba da zuwa, ko ba shi da ko sisi zai tsaya ya gaisa, ya ce a ƙara haƙuri. Wanda ya yanke shawarar ba zai biya ba, hanya yake canzawa. Mutumin da shekara bakwai yake bi ta ƙofar shagona zuwa masallaci sai ga shi yana zagayawa ta bayan layi. Yaransa kuma na fara hango su a wani shago da kuɗi a hannu. Idan ka ga waɗannan biyun sun haɗu, to ka fara cire kuɗin daga lissafinka. Ban bi shi gida ba, ban kai shi wurin mai unguwa ba. Na aika masa da lambar asusuna a takarda, na ce duk ranar da Allah ya hore.

Bashin gidaje ya fi wuyar sha'ani, saboda mafi yawan masu shi ban taɓa ganin fuskarsu ba. Matan aure ne a cikin gida. Na san su ta yaransu, ta kwanukansu, ta irin abin da suke saye. Na san gidan da ba sa cin wani mai sai na gyaɗa, na san wadda ke sayar da ɗanwake saboda yawan kanwa da garin rogo da take aikowa a saya. Ba zan iya shiga in ce ga lissafi ba, kuma aika yaro da adadi hanya ce ta tona asiri, domin wata bashin nata maigidan bai san da shi ba. Wannan na koye shi da tsada shekarun baya, ranar da na tare wani magidanci da maganar naira 1,200 ta gidansa, aka kwana ana rigima a gidan, matar kuma ba ta ƙara aiko yaro shagona ba.

Uwargidana ce ta fitar da ni. Na rubuta wa kowane gida adadinsa a 'yar takarda na ninke, ita kuma ta riƙa shiga gida uku ko huɗu kullum bayan La'asar, da sunan sallama. Za ta zauna a gaisa, ta ce maigidanta zai tashi, ya ce a yafe masa duk abin da aka gani na kuskure a awo ko a canji ko a magana. Sai za ta fito ta damƙa wa matar takardar a hannu, ba a gaban kishiya ko yara ba. Mako biyu ta yi tana wannan zagaye. Abin da ya biyo baya ya ba ni mamaki: kuɗi suka riƙa zuwa ɗari biyar-biyar, dubu-dubu, a ƙulle a leda, wani a cikin kwanon da aka rufe kamar an kawo abinci. Daga 97,800 an biya 71,300. Wata Hajiya ta aiko da nata tare da kwanon dambu, ta ce a gaya mini awona bai taɓa yi mata ƙwange ba. A duk abin da aka faɗa mini a watannin nan, wannan na fi riƙewa.

An samu gardama ma, ba duka aka rabu ana murmushi ba. Gida biyu suka ce adadin ya fi abin da suka sani. Ɗaya da muka bi shafin layi-layi sai ga shi ɗanta ne yake karɓar biskit da lemo da sunanta. Ɗayan kuwa laifina ne, an aiko da naira 2,000 ranar da ba na nan, yarona ya karɓa ya jefa a aljihun tebur bai rubuta ba. Ya tuna da aka tambaye shi. Na cire, na kuma aika da ban haƙuri. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, take kan rubuta bashi. Mu masu tireda muna rubuta abin da aka ɗauka da sauri, amma abin da aka biya muna cewa sai an jima.

Tsohon bashi kuwa, naira 9,000 kacal ta fito daga 78,500. Uku daga cikin masu shi sun rasu, huɗu sun bar unguwa, sauran suna nan amma na san halin da suke ciki. Ko da sun biya ma, kuɗin ba su ne na da ba, domin abin da ya sayi mudun sukari a 2020 ko rabinsa ba zai saya ba a 2024, musamman bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023. Da na haɗa ragowar kashi ukun, naira 118,000 ce ba ta dawo ba daga cikin 412,300.

Sai wata dabara ta zo mini, wadda na ɗauka wayo ce. Na ce tunda lokacin fitar da zakkar kayan shagona ya kusa, bari in lissafa bashin talakawan nan a matsayin zakka, na huta sun huta. Na je wurin limaminmu da maganar. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, kuɗin da ka riga ka fid da rai da su kake so ka ba Allah?" Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya wannan ba ya isarwa, zakka sai an fitar an damƙa wa mai ita. Idan zan yafe in yafe don Allah, ya karanto mini aya ta 280 a Baƙara, wadda ta ce a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci, yin sadaka da shi kuma ya fi alheri. Game da mamatan nan uku ya ce kada in yi shiru, ko dai in sanar da magada su biya daga abin da aka bari, ko in yafe in kuma gaya musu na yafe, don kada wani ya ji labari daga baya hankalinsa ya tashi. Na yafe na mamatan da na gidajen da na san babu, na aika aka gaya wa kowa. Na waɗanda suka bar unguwa da na mai 22,000 ban yafe ba, suna nan a rubuce.

Akwai wani abu da ban taɓa zaton zan yi ba: kai abokan cinikina wurin wanda muka yi shekaru muna kishin sana'a da shi. Shagonsa yana bakin layi, nawa yana tsakiya. Amma malamin firamaren nan da ire-irensa suna buƙatar inda za su ci gaba da ɗaukar kayan wata, kuma sabon mai shago ba ya buɗe wa mutum shafi sai da shaida. Na tambayi kowannensu ko yana so in yi masa magana. Bakwai suka ce e. Na ɗauke su ɗaya-ɗaya na kai su, na ce, "Wannan shekara kaza muna tare, bai taɓa ƙetare wata biyu ba." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ya so in ba shi sunayen waɗanda ba sa biya, na ce wannan kuma sai dai ya gano da kansa. Littafin bashi sirrin gidajen mutane ne, kuma ba don in yi tallansa aka yarda aka shiga cikinsa ba. Shi kuma ya saye buhunan da na riga na farke, na gishiri da fulawa da sukari, a kan kuɗin sari.

Maganar kaya ba ta da tsawo. Mako shida kafin tashi na daina sarin duk abin da ba ya ƙarewa cikin sati, na bar burodi da ƙwai da ruwan leda da madarar ƙulli da magi. Na sauke komai daga kanta na duba kwanan watan lalacewa, na tarar da kwantai a can baya, gwangwanayen tumatir da suka kumbura da man shafawa da ya narke, na zubar da na zubarwa, na karya kuɗin sauran. An ɗan yi ja-in-ja da magada a kan ƙofar ƙarfe da rumfar kwano da na sa da kuɗina a 2016 ba tare da an rubuta komai ba. Mai unguwa ya raba mu: ƙofa ta zauna tunda an kafe ta a gini, rumfa in cire abata. Na biya kuɗin 'yan sintiri har na watan Yuli don kada a ce na gudu da shi. Firiza na kashe ta tun daren Juma'a ta tsane, aka ɗora ta a tsaye, da muka isa kuma na bar ta ta kwana kafin na kunna.

Ranar Juma'ar ƙarshe, bayan sallar Magariba, liman ya ce jama'a su ɗan dakata, mai shago yana da magana. Na shirya abubuwa da yawa a raina, da na miƙe sai suka watse. Abin da na iya tunawa na ce shi ne: "Iyayena da 'yan'uwana, jibi in Allah ya kai mu zan tashi. Shekara goma sha huɗu kuna ba ni kuɗinku ina ba ku kaya. Zo mu zauna zo mu saɓa ne. Wanda na tauye wa awo ban sani ba, wanda na riƙe wa canji na manta, wanda na ɗaga wa murya ko na kori ɗansa, don Allah ya yafe mini. Wanda yake bi na wani abu da ban rubuta ba, ya same ni kafin Lahadi. Ni ma duk wanda ya ɓata mini na yafe." Na kula ban ce na yafe bashi ba, domin da na faɗa a masallaci, da har wanda ke da halin biya ya shige ciki. Wani dattijo da yake sayen goro da batirin rediyo a wurina tun ranar da na buɗe ya ce, "Mun yafe, ɗana. Allah ya sa can ta fi nan." Aka shafa fatiha.

Kuma an zo. Asabar da safe wani matashi ya tuna mini cewa ya taɓa ba ni naira 1,000 lokacin ƙarancin kuɗi, ba ni da canji, na ce ya bar 350 sai ya dawo. Ban tuna ba, amma na ba shi. Yara kuwa na fasa musu kwalabar alawa biyu da katan ɗin biskit, domin su ne ainihin masu zuwa shagon. Wata yarinya 'yar shekara biyar ta tsaya tana kallon kanta babu komai, ta ce, "Baba mai shago, to gobe a ina za mu sayo magi?" Na nuna mata bakin layi.

Lahadi muka tashi da hadari a gabas. Ƙarshen Yuli ne, tsakiyar damina, kuma sukari da fulawa da omo ba sa shiri da ruwa ko kaɗan. Na sa aka shimfiɗa leda a ƙasan a-kori-kura, aka fara loda katan-katan, buhuna a tsakiya, aka rufe da tamfol aka ɗaure. Sawu biyu muka yi, ta titin Aminu Kano zuwa Kabuga, muka kama titin Gwarzo. Samarin layi ne suka yi lodin, da na miƙa musu kuɗin dako suka ƙi karɓa. Ruwan ya sauko muna sauke sawu na biyu, katan ɗaya na ashana ne kawai ya jiƙe. Kwana huɗu bayan nan aka fara zanga-zangar 1 ga Agusta, aka sa dokar hana fita a Kano. Da na ƙara makon nan da nake cewa na yi sakacin roƙa, da kayana sun maƙale rabi a can rabi a nan.

Ɗanbare ba Gwammaja ba ce. Ɗalibai sun fi yawa a masu saye, taliyar 'yan yayi da ƙwai da katin waya suke nema, kuma ta waya suke turo kuɗi. Idan jami'a ta yi hutu ciniki yakan faɗi warwas. Watanni uku na farko ban yi rabin cinikin da nake yi a da ba, kuma na yi wata biyu ban rubuta wa kowa bashi ba saboda ban san kowa ba. Alhajin Singa ya dawo yana ba ni kaya bayan ya aiko yaronsa ya ga shagon da idonsa.

Wajen watan Nuwamba, bayan an gama girbi, ina zaune da rana sai ga almajirin nan mai 6,400 a ƙofar shago, ya sha tafiya. Na ɗauka kuɗinsa ne ba su kai gare shi ba, har gabana ya faɗi. Ya ce a'a, malam ya ba shi tun ranar da ya dawo. A wurin mai wankin hula ya karɓi kwatance. Ya zaro naira 3,000 daga aljihu ya ce ajiya ya kawo. Na ce masa tsakanin nan da Gwammaja kuɗin mota zai cinye rabin abin da yake tarawa, ya kai wa mai shagon bakin layi, zan kira shi in yi masa bayani. Ya yi shiru, ya ce to wannan dai in riƙe, na gaba ya kai can. Na ɗauko sabon littafi na rubuta sunansa a shafin farko, kuɗin kuma na sa su a ambulan daban na kulle a akwati.